Me ya sa wayar nutural da taransifoma ke zafi a ofishin da ke cike da kwamfutoci?

Akwai matsalar da ke ɗaure wa masu gyaran wuta kai a bankuna, da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, da manyan ofisoshi. An raba kaya daidai wa daida a kan layukan wuta uku, bireka ba ta taɓa faɗuwa ba, mita kuma tana nuna cewa taransifoma ko rabin ƙarfinta ba ta kai ba. Amma kebul yana warin ƙonewar roba, wayar nutural ta fi sauran zafi, taransifoma kuwa tana gurnani, jikinta ba ya taɓuwa. A karatun da yawancin masu sana'ar suka yi, idan layuka uku sun daidaita, nutural kusan ba ta ɗaukar komai. Wannan karatun gaskiya ne, sai dai an gina shi ne a kan kaya irin su hita da ƙwan fitila mai zare da injin da ke juya fanka ko famfo. Kwamfuta ba ta shan wuta yadda waɗannan ke sha, daga nan kuma matsalar ta samo asali.

## Aikin nutural a asalinsa

Wutar da ake kai wa manyan gine-gine a Najeriya da Nijar tana zuwa ne ta layuka uku da nutural ɗaya. Tsakanin layi da nutural akwai bolt 230 ko kusa da haka, tsakanin layi da layi kuwa kimanin bolt 400. Wutar tana kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma layukan uku ba sa kai wa ƙololuwa lokaci guda: kowanne yana bin bayan ɗan'uwansa da sulusin zagaye.

Wannan tazara ce ke hutar da nutural. Hita tana jan karant a hankali, yana hawa yana sauka tare da boltej. A duk lokacin da layi na farko ke tura karant, sauran biyun suna karɓarsa ne ya koma, don haka idan an haɗa na ukun sai a tashi da sifiri. Abin da ke bi ta nutural ragowa ne kawai, idan wani layi ya fi wani nauyi. Shi ya sa aka daɗe ana sayar da kebul mai nutural siririya, misali layuka uku masu kaurin milimita murabba'i 50 da nutural mai 25. Kuma shi ya sa birekar da aka saba sawa ƙafa uku gare ta, layuka kawai take gadi, ba ta san abin da ke gudana a nutural ba.

## Yadda kwamfuta ke shan wuta

A ƙofar shigar wuta ta kwamfuta, ko caja, ko talabijin, akwai diyod huɗu da ke miƙar da wutar, sai babbar kafasita da ke tara ta. Kafasitar tana zaune ne kusan cike, a wajen bolt 320. Ba za ta karɓi wuta daga soket ba sai boltej ɗin layi ya zarce wanda ke cikinta, wannan kuwa ba ya faruwa sai dab da ƙololuwa. Saboda haka na'urar tana yin shiru a mafi yawan zagayen, sannan ta fizgi karant mai yawa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, ta sake yin shiru.

Injiniyoyi suna fasa irin wannan fizga zuwa igiyoyi masu santsi da dama da aka ɗora a kan juna. Akwai ta asali mai bugu 50 a daƙiƙa, wadda ita ce ke kawo wutar da ake amfana da ita. Sai wasu masu ninkin saurinta: ta uku mai bugu 150, ta biyar mai 250, ta bakwai mai 350, haka har sama. Waɗannan ninke-ninken su ake kira hamonik. Ba wani baƙon abu ba ne da ke shigowa daga kamfanin wuta. Kayan ofishin ne da kansu ke haifar da su. A kwamfutar da ba ta da da'irar gyara shan wuta, hamonik ta uku kan kai kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na igiyar asali.

## Dalilin da ya sa suke taruwa a nutural

Tun da kowane layi yana fizgar karant ne a ƙololuwarsa kawai, lokacin da layi na farko ke fizga sauran biyun suna hutawa. Babu wanda zai karɓi karant ɗin ya mayar, dole ya koma ta nutural. Abin kamar lugude ne na mata uku a turmi ɗaya: kowace taɓarya tana sauka ne lokacin da sauran ke sama, kowace mace tana samun hutu tsakanin bugu da bugu, turmin ne kaɗai ke karɓar duka ba ya hutawa.

A harshen lissafi, tazarar digiri 120 da ke tsakanin layuka idan aka ninka ta sau uku ta zama digiri 360, wato cikakken zagaye. Ke nan hamonik ta uku ta kowane layi tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta sauran, maimakon su soke juna sai su haɗu. Haka ma ta tara da ta goma sha biyar, duk ninkin uku marasa rabuwa biyu. Ta biyar da ta bakwai kuwa suna soke juna a nutural kamar igiyar asali, ɓarnarsu a taransifoma take fitowa.

Akwai iyaka ga abin. Idan fizgar layukan uku ba su taɓa haɗuwa a lokaci ba sam, karant ɗin nutural zai kai ninki 1.73 na karant ɗin layi ɗaya. Wannan ne maƙura a tsarin da ya daidaita. Ofisoshi na zahiri ba kasafai suke kai wa can ba, domin akwai wasu kayan kamar na'urar sanyaya ɗaki da fanka da ke cakuɗe da kwamfutocin.

## Misali da alƙaluma

A ɗauki ofishin da ke da taransifomarsa mai kVA 100. A bolt 400, kowane layi zai iya ɗaukar amfiya 144 bisa abin da ke rubuce a jikinta. A ce an jona kimanin tebura 120 a kowane layi, kowane tebur da kwamfuta da allonta suna cin wat 150 ko makamancin haka, kuma duk irin na da ne marasa da'irar gyara. A ce na'urar awon hamonik ta nuna haka a kowane layi: igiyar asali amfiya 80, ta uku 56, ta biyar 32, ta bakwai 16.

Ba a tara waɗannan kai tsaye. Ana ninka kowanne da kansa, a haɗa, sannan a ciro tushe:

```
I = √(80² + 56² + 32² + 16²) = √10816 = 104 A
In = 3 × 56 = 168 A
```

Kowane layi yana ɗauke da amfiya 104, nutural kuwa 168, alhali kayan sun daidaita tsaf. Zafin da waya ke fitarwa yana bin karant ne ninke da kansa. Ko da nutural ɗin kaurinta ɗaya da layuka, za ta fitar da zafi ninki 2.6 na kowane layi. Idan kuwa mai rabin kauri ce, wato 25 a gefen 50, juriyarta ta ninka, zafin ya haura ninki 5. Ita kaɗai tana fitar da zafin da ya fi na layukan uku a haɗe, kuma tana cikin riga ɗaya da su tana gasa su. Robar PVC da ke lulluɓe yawancin wayoyin gini an yi ta ne don digiri 70. Idan ta daɗe sama da haka sai ta bushe, ta yi tauri, ta tsattsage. Bireka mai amfiya 125 da ke gadin layukan tana ganin 104 ne kawai, ba ta da dalilin faɗuwa.

Ƙa'idar IEC 60364-5-52, wadda BS 7671 ta Birtaniya ma ta ɗauki teburinta, ta raba lamarin hawa-hawa. Idan hamonik ta uku ba ta wuce kashi 15 cikin ɗari na karant ɗin layi ba, ana zaɓen kebul yadda aka saba. Daga 15 zuwa 33, ana rage abin da kebul zai iya ɗauka zuwa kashi 86 cikin ɗari. Da zarar ta wuce 33, karant ɗin nutural ne ake dubawa wajen zaɓen kaurin kebul ɗin gaba ɗaya. A misalinmu ke nan kebul ɗin da ya dace shi ne mai ɗaukar amfiya 168, mai wayoyi huɗu masu kauri ɗaya, wanda zai faɗa wajen milimita murabba'i 70 ko 95, gwargwadon yadda aka shimfiɗa shi da zafin wurin.

## Mitar da ke ɓoye gaskiya

Wani ɓangare na ruɗanin daga kayan awo yake. Mitar maƙalawa mai araha ba ta auna ainihin ƙarfin karant na zafafa waya. Matsakaicinsa take aunawa ta ninka da 1.11, lissafin da ke daidai ne kawai idan igiyar mai santsi ce. A kan karant mai fizga tana nuna ƙasa da gaskiya sosai. A misalin da ke sama, inda layi ke ɗauke da 104, irin wannan mita za ta nuna tsakanin 65 da 70. Mai gyara zai duba ya ce taransifomar ba ta kai rabi ba, har ya ba da shawarar a ƙara kaya. Mitar da ta dace ita ce wadda aka rubuta `True RMS` a jikinta.

Zafin nutural ba kullum hamonik ba ne, kuma ya kamata a bambance kafin a kashe kuɗi. Idan an loda wa layi ɗaya kaya fiye da sauran, nutural za ta ɗauki karant, amma mai bugu 50 ne, kuma awon layukan uku zai nuna bambancin a fili. Idan noti ne ya kwance, zafin yana taruwa ne a bakin mahaɗa, nesa kaɗan wayar tana da sanyi. Na hamonik kuwa alamominsa uku ne tare: layukan sun yi kusan daidai, wayar tana da zafi a duk tsawonta, sannan idan aka juya mitar zuwa `Hz`, wato awon yawan bugu a daƙiƙa, a kan nutural sai ta nuna 150. Wannan awo na ƙarshe shi ne mafi sauƙi kuma mafi yanke gardama. Dole a yi shi lokacin da ofis ke cike ana aiki, ba da sassafe ko ranar hutu ba, kuma aikin ƙwararre ne, don akwatin a buɗe yake da wuta a ciki.

## Abin da ke faruwa a cikin taransifoma

Yawancin taransifomomin da ke sauke wuta daga bolt 11,000 zuwa ta gida, haɗinsu shi ne wanda ake rubutawa Dyn11 a farantin jikinsu. Ma'anarsa naɗin ɓangaren babbar wuta rufaffen kusurwa uku ne, na ƙaramar wuta kuwa tauraro ne mai nutural a tsakiya. Hamonik ta uku da ta dawo ta nutural tana ratsa naɗin ƙaramar wuta, ta haifar da takwararta a ɗaya ɓangaren. A can ba ta da hanyar fita zuwa layin kamfani, sai ta dinga zagaye cikin rufaffen naɗin tana zafafa shi. Wannan alheri ne ga sauran unguwa, amma fis ɗin da ke gadin ɓangaren babbar wuta ba ya ganin wannan karant ɗin ko kaɗan.

Tushen zafi na biyu, kuma mafi girma, shi ne ƙananan karant da maganaɗisu ke tayarwa suna kewaye a cikin jan ƙarfen naɗin da sauran ƙarafan jiki. Asarar da suke jawowa tana hawa ne da saurin bugu ninke da kansa. Amfiya ɗaya ta hamonik ta biyar tana haifar da irin wannan zafi ninki 25 na amfiya ɗaya ta igiyar asali, ta bakwai kuwa ninki 49. Adadin da ke tattara wannan shi ake kira K:

```
K = (80²×1 + 56²×9 + 32²×25 + 16²×49) / 104² ≈ 6.7
```

Wato wannan rukunin asara ya ninka kusan sau bakwai idan aka kwatanta da kaya masu santsi masu amfiya iri ɗaya. A lura cewa ta bakwai, duk da amfiya 16 ce kacal, ta ba da gudummawar da ta kusa ninka ta igiyar asali mai 80.

Zafin ba ya kashe taransifoma nan take, tsufa yake sa ta. Ƙa'idar IEC 60076-7 ta nuna cewa a taransifoma mai mai, duk ƙarin digiri 6 a wurin da ya fi zafi cikin naɗi yana ninka saurin lalacewar takardar da ke raba wayoyin. Ga kuma yanayi: ƙarfin da ake rubutawa a faranti ya ginu ne a kan iskar da ba ta wuce digiri 40 ba, matsakaicinta na shekara kuma 20. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, watannin Afrilu da Mayu suna tsallake 40 da rana, daidai lokacin da ofis ke kan ganiyar aiki.

## Nawa za a rage mata kaya? Hanyoyi biyu

A nan masana ba su tsaya kan lissafi ɗaya ba. Akwai hanya ta gaggawa da masu aiki a fili ke so: a auna ƙololuwar karant, a raba da ainihin ƙarfinsa. A igiya mai santsi amsar 1.414 ce. A misalinmu ƙololuwar tana wajen amfiya 260, amsar ta zama 2.5. Sai a raba 1.414 da 2.5 a samu kashi 57 cikin ɗari, wato taransifomar kada ta wuce amfiya 82. Bisa wannan hanya, ofishin mai 104 ya riga ya wuce gona da iri.

Hanya ta biyu ita ce ta ƙa'idar IEEE C57.110, wadda ke tambayar ko kashi nawa ne na asarar wannan taransifomar ke fitowa daga ƙananan karant masu kewaye. Idan aka ɗauka kashi 10 ne na asarar juriyar waya, lissafin yana ba da kashi 81, wato amfiya 117. Bisa wannan, ofishin yana kan kashi 89 na abin da taransifomar za ta iya, ba 72 da farantin ke nunawa ba, ba kuma 46 na mita mai araha ba.

Masu goyon bayan ta farko suna cewa ba ta buƙatar komai sai mita, kuma galibi kuskurenta ta ɓangaren taka-tsantsan yake. Masu sukarta suna cewa siffar ƙololuwa ba ta bayyana waɗanne hamonik ne a ciki ba, don haka tana iya sa a sayi babbar taransifoma ba gaira ba dalili, wani lokacin ma ta raina haɗarin. Ta biyun ta fi kusa da gaskiya, amma tana buƙatar alƙaluman gwaji daga masana'anta, waɗanda da wuya a same su ga taransifomar da aka sake wa naɗi. Inda babu takardun, zafin man taransifomar da tsakar ranar aiki shi ne shaidar da ta fi ƙarfi.

## Shin sababbin kwamfutoci sun kawar da matsalar?

Wasu injiniyoyi na ganin wannan zance ne na shekarun 1980 da 1990. Hujjarsu ita ce ƙa'idar IEC 61000-3-2, wadda ta zama dole a kasuwar Turai tun 2001, ta iyakance hamonik ɗin da kwamfuta da allo da talabijin za su fitar. Saboda ita aka fara sa da'irar da ke sa na'ura ta sha wuta cikin santsi, kuma kwamfuta mai irin wannan da'ira hamonik ɗinta kaɗan ne ƙwarai.

Ɗaya ɓangaren yana nuna giɓin da ke cikin ƙa'idar: iyakar ba ta hau kan na'urorin da ba su wuce wat 75 ba, in ban da fitilu. Cajar kwamfutar tafi-da-gidanka mai wat 45 ko 65 tana ƙarƙashin wannan layi, haka ƙananan allo da cajojin waya. Kowace ɗaya ba komai ba ce, amma ɗari uku a zaure ɗaya wani abu ne. A ƙara da kayan gwanjo da masu arahar da ba su bi kowace ƙa'ida ba. Duka ɓangarorin suna da gaskiya a inda suke, abin da ke cikin ginin ne ke yanke hukunci, kuma awo ne kaɗai ke faɗarsa.

## Magani da iyakarsa

Sake raba kaya tsakanin layuka, wanda shi ne abin da ake fara yi, ba ya rage hamonik ta uku ko da amfiya ɗaya. Haka nan ƙara sandar ƙasa da jona ta da nutural a akwatin cikin gini kuskure ne mai haɗari: karant ɗin zai bi jikin ƙarafan gini da wayar kariya ne kawai.

Abin da ya fi araha shi ne gyaran waya. A sauya kebul mai siririyar nutural da mai cikakkiya ko a ninka ta, a ba kowace da'irar soket nata nutural maimakon uku su yi tarayya a ɗaya, a kuma sa bireka mai ƙafa huɗu wadda ke auna nutural ɗin, domin ba kowace mai ƙafa huɗu ke aunawa ba, wasu yankewa kawai suke yi. Wannan bai rage hamonik ba, ya dai ba ta hanyar da za ta iya ɗauka. Haka ma taransifoma mai lambar K, irin su K-13 da ake yi wa ofisoshi: an gina ta ne ta jure zafin, ba ta tace komai. Masu rage karant ɗin da gaske su ne taransifomar zigzag, wadda ake dasawa kusa da akwatin rarraba wuta don ta mayar da hamonik ta uku ga layuka tun kafin ta yi nisa, da matatar lantarki da ke auna hamonik tana tura kishiyarta. Ta biyun ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Sai a yi hattara da kafasitocin gyaran wuta da ake tallatawa don rage kuɗin lantarki. Idan aka dasa su babu naɗin kariya a gini mai hamonik, suna iya yin amo da taransifomar a kusa da ta biyar ko ta bakwai, su ƙara girman matsalar, su kumbura ko su fashe. Janareta ma ba mafaka ba ce. Juriyarta ta ciki ta ninka ta taransifoma mai girmanta sau da yawa, don haka fizgar kwamfutoci tana daddaƙe kan igiyar boltej, har UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, ta ƙi karɓar wutar ta zauna kan batir alhali injin na aiki.

## Wanda abin ke shafa

Ga mai ofis, asarar ba a takardar kuɗin wuta ta fi fitowa ba, don mita tana lissafa wat ne, ƙarin da zafin waya ke jawowa kuma ba shi da yawa. Babbar asarar tana zuwa ne ranar da nutural ta tsinke. Da zarar ta rabu, kayan da ke kan layuka daban-daban sun zama a jere tsakanin bolt 400. Layin da ke da ƙarancin kaya boltej ɗinsa zai yi sama ya nufi 400, mai kaya da yawa kuma ya faɗi. Cikin daƙiƙoƙi kwamfutoci da cajoji da fitilun layi guda za su ƙone, akasari kuma a ɗora laifin a kan kamfanin wuta. Ma'aikata kuwa suna zaune ne da kebul mai gasuwa a cikin silin ko bango inda ba mai gani.

Idan ofishin ba shi da taransifomarsa, yana tarayya ne da unguwa, nutural ɗin titi da taransifomar jama'a ne ke ɗaukar nauyin. Maƙwabta za su ga wuta tana rawa, in kuma taransifomar ta ƙone, dukansu ne za su zauna a duhu har a gyara, a wurare da dama ma su ne za su yi karo-karon kuɗin. Saboda haka duk wanda zai mayar da shago ko bene zuwa cibiyar kwamfutoci, wayar da aka ja don fanka da fitilu ba lalle ta ɗauke shi ba ko da jimillar wat ɗin ta yi daidai, sai an duba kaurin nutural tun daga akwatin ciki har zuwa bakin taransifoma.